Yadda Turanci ya samu gurbi a tsakar gidanmu a Argungu

Ni mutumin Argungu ne a jihar Kebbi, kuma sana'ata ita ce sayen shinkafa shanshera daga hannun manoman fadama, in kai ta injin casa, sannan in sayar wa masu sari. Karatuna na boko ya tsaya a sakandare, saboda haka Turancin da nake da shi na biyan buƙata ne: ina iya karanta takarda, in cika fom a banki, in kuma yi ciniki da baƙin da suke zuwa sayen shinkafa daga kudancin ƙasar nan. Maiɗakina ta gama firamare ne kawai, ko da yake ta yi nisa a Islamiyya. Muna zaune da mahaifiyata, wadda kowa a gidan yake kira Inna, da yaranmu uku, da kuma ɗan ƙanena da nake riƙo. Na bayyana wannan ne domin mai karatu ya san cewa abin da zan faɗa ya faru ne a gidan da babu malamin makaranta a cikinsa, kuma babu wanda ya taɓa zama a inda ake magana da Turanci dare da rana.

Abin da ya tayar da ni shi ne halin da na ga babbar 'yata a ciki lokacin tana aji biyar na firamare. Idan aka ba ta littafin karatu, takan karanta shafi guda da murya ba tare da ta yi tuntuɓe sosai ba, kuma littattafan rubutunta cike suke da darussan da ta kwafa daga allo da kyakkyawan rubutu. Amma idan na rufe littafin na tambaye ta da Turanci inda ta ajiye takalminta, sai ta tsaya tana kallona, ta kasa ba da amsa. Ban ɗora wa malamanta laifi ba, domin na san yawan yaran da suke aji guda, na kuma san cewa malami yakan karanta darasi da Turanci ne sannan ya yi bayaninsa da Hausa don a fahimta. Sakamakon haka yaro yakan saba da ganin Turanci a takarda, amma kunnensa bai saba da jin an yi masa magana da shi ba, bakinsa kuma bai taɓa neman wani abu da shi ba. Ga shi kuma a gaba akwai jarrabawar WAEC da NECO, inda ake neman kiredit a Turanci kafin a shiga jami'a, kuma a jarrabawar JAMB ma Turanci wajibi ne a kan kowane ɗalibi, ko wane fanni yake nema.

Na san gidajen da suka magance wannan ta hanyar hana yara yin Hausa gaba ɗaya. Ban bi wannan hanya ba, kuma har yau ban ga dalilin bin ta ba. Inna ba ta jin Turanci, kuma ba zan mayar da ita baƙuwa a gidan ɗanta ba. Ban da haka, Turancina bai kai in yi wa yaro nasiha ko in rarrashe shi da shi ba. Abin da na nema shi ne ɗan lokaci ƙayyadadde wanda zai riƙa zuwa kowace rana ba tare da an tuna wa kowa ba.

Samun wannan lokaci ya fi wuya fiye da yadda na zata, domin yinin yaro a garinmu a cike yake. Da asuba akwai karatun allo, daga nan sai boko, bayan la'asar sai Islamiyya, tsakanin magariba da lisha kuma ni ina masallaci. Da safe kowa yana sauri, ana shan koko a tsaye. Na yi tunanin lokacin cin tuwon dare, amma mu an tarbiyyantar da mu a kan cewa ba a yawan surutu a kan abinci, kuma ni ba a kwano ɗaya nake ci da yara ba. Maiɗakina ce ta kawo mafita. Ta ce: “Malam, ai kafin a ci da bayan an ci akwai aiki. Ana shimfiɗa tabarma, ana kawo ruwa, ana kwashe kwanuka. Duk umarnin da nake ba su a wannan lokaci, me zai hana a mayar da shi Turanci?” A kan wannan shawara muka tsaya. Daga lokacin da aka sauke tukunya bayan lisha zuwa lokacin da aka zauna, da kuma daga gama cin abinci zuwa kife kwano na ƙarshe, Turanci ake yi. Idan aka haɗa duka bai wuce minti 15 zuwa 20 ba. Amfanin wannan zaɓi shi ne aikin ba ya fashi, tun da babu daren da ba a cin abinci, kuma kowace kalma tana da abin da za a nuna da hannu, don haka ba a buƙatar fassara.

A matakin farko ban nemi kowa ya yi magana ba. Ni nake ba da umarni, su kuma su aikata. Na zaɓi aikatau shida, wato kawo, ajiye, buɗe, rufe, wanke da zuba, tare da sunayen abubuwa goma da suke gabanmu kullum: tabarma, buta, kofi, cokali, kwano, faifai, tukunya, ludayi, ruwa da ƙofa. Wasu daga ciki, kamar faifai, ban san takamaiman sunansu da Turanci ba, sai na yi amfani da kalmar da take nufin murfi, tun da aikin da yake yi mana ke nan. Na rubuta jimloli biyar a bayan kwalin taliya da manyan baƙaƙe, na rataye a bangon kicin inda maiɗakina za ta riƙa gani. Tsarin da na bi na makarantar allo ne, inda ba a wanke wa yaro allo sai ya riƙe abin da aka rubuta masa: ba a sauke kwali a rataye sabo sai ƙaramin cikinsu ya iya bin jimlolin duka. Yawanci mako guda yake ɗauka, wani lokaci ya fi haka.

A nan ne na gane wata matsala da duk mai yin irin wannan zai haɗu da ita. Da yake aikin iri ɗaya ne kowane dare, yara sukan haddace jerin ayyukan, su bar kalmomin. Sun san cewa bayan tabarma sai buta, bayan buta sai kwanuka, don haka ko da wane yare aka yi magana za su kawo abin da ya dace. Hanyar da ake gane wannan ita ce a sauya jeri, ko a ba da umarnin da ba a saba ji ba. Wani dare na ce wa ɗana na biyu, da Turanci, ya ajiye cokali a ƙarƙashin tabarma. Ya ɗauki cokalin ya sa a cikin kwano kamar kullum, wanda ya nuna mini cewa sunan cokalin kawai ya kama, sauran jimlar ta wuce shi. Yayarsa kuwa tun kafin in rufe baki ta fashe da dariya, kuma wannan dariya ita ce shaidar cewa ta fahimci jimlar daga farko har ƙarshe. Tun daga nan nakan saka umarni ɗaya ko biyu na banza a kowane dare, kamar a ɗora takalmi a kan tukunyar da babu komai ko a rufe buta da hula, kuma ta wannan hanya kalmomin da suke nuna wuri, irin su ciki, kan, ƙarƙashi da bayan, suka zauna musu ba tare da an yi darasi a kansu ba.

Da kunne ya buɗe, sai aka zo batun baki, kuma a nan al'ada ta shigo. Domin yaro ya yi magana, dole ne shi ma ya ba da umarni, amma a gidan Bahaushe ɗa ba ya aiken ubansa. Ranar da autanmu ya dube ni ya ce da Turanci in kawo buta, Inna ba ta ji kalmomin ba, amma ta ga hannunsa yana nuni ta kuma ga na miƙe. Ta kira ni gefe ta ce: “Wannan wane irin karatu ne da yaro zai tayar da ubansa?” Tana da gaskiya, kuma ban yi mata gardama ba. Muka daidaita cewa umarni kai-tsaye tsakanin yara ne kawai, kowane dare da wanda zai zama mai ba da umarni, har da auta, wanda ya fi kowa son ranarsa domin ita kaɗai ce damar da yake da ita ta aiken yayyensa. Idan kuma yaro zai nemi abu daga wurina ko wurin mahaifiyarsa, sai ya yi amfani da sigar roƙo, wadda take farawa da neman izini, kamar “ko zan iya samun ruwa?” Wannan ya zama alheri, domin tun da wuri suka koyi bambanci tsakanin umarni da roƙo, abin da yake da muhimmanci a Turanci, inda kalma guda ake amfani da ita wajen nufin kai da ke da ku, kuma ladabi yakan fito ne daga yadda aka gina jimla. Gaisuwa kuwa ba a taɓa ta ba. Da Hausa ake gai da Inna, a durƙushe, safe da dare.

Kuskuren da ya fi yawa a wannan mataki ya fito ne daga jinsi. A Hausa tabarma mace ce, kwano namiji ne, shi ya sa muke cewa “shimfiɗa ta” da “wanke shi”. Yaran sai suka ɗauki wannan suka kai Turanci, suna kiran buta da kalmar da ake nufin mace da ita, alhali Turanci yana da wakilin suna na uku wanda ake amfani da shi wajen nufin abubuwa marasa rai. Ban yi dogon bayani ba. Na sa kowane umarni ya zama gaɓa biyu, misali a kawo kofi sannan a wanke shi, a ɗauko tabarma sannan a shimfiɗa ta, ta yadda wannan wakilin suna zai riƙa faɗowa a kunnensu sau da yawa a dare guda, har ya zama shi ne yake fara zuwa bakinsu.

Bayan wasu watanni umarni ya ƙare mana, domin abin da ake iya faɗa a kan kwano da cokali yana da iyaka. Sai muka ƙara abu na biyu, wanda shi ne ya fi amfani a cikin duk abin da muka yi. Bayan an kwashe kwanuka, kafin a naɗe tabarma, kowa zai faɗi jimla uku a kan abin da ya yi a yinin. Ni nake farawa, domin su ji samfuri: na je kasuwa, na sayi buhu kaza, na ga wane. Daga nan sai maiɗakina, sannan yara daga babba zuwa ƙarami. Jimla uku kawai, ko da mutum yana da abin faɗa fiye da haka, saboda idan aka bar babbar ta zuba, ƙananan sukan gaji su fara gyangyaɗi.

Dalilin da ya sa wannan ya yi wuya, ya kuma yi amfani, shi ne yadda harsunan biyu suke nuna lokaci. A Hausa muna cewa na saya, kana saye, za ta saya, kuma mafi yawan aikin nuna lokaci yana kan ƙananan kalmomin da suke gaban aikatau. A Turanci kuwa aikatau ɗin kansa ne yake sauya kama idan abu ya wuce. Da yawa daga cikinsu, kamar wanke, dafa, buɗe da yin wasa, ɗafi iri ɗaya ake liƙa musu a ƙarshe. Amma waɗanda yaro ya fi buƙata domin ba da labarin yininsa, wato tafi, zo, ci, sha, gani, saya, kawo, bayarwa da rubuta, duk ba sa bin wannan ƙa'ida, kowanne da irin sauyinsa, kuma babu wata dabara sai ji da maimaitawa. Na rubuta su a kwali na biyu, layi biyu, sigar yanzu a hagu da sigar abin da ya wuce a dama.

Ga yadda abin ya gudana da ɗana na biyu. Da farko yakan ce ya je makaranta, ya ci ƙosai, ya ga raƙumi a hanyar kasuwa, amma duk aikatau ukun a sigar yanzu suke. Ba na tsayar da shi. Idan ya gama, sai in maimaita jimlarsa daidai kamar mai neman ƙarin bayani, in ce ashe ka ga raƙumi, ina ɗan jan muryata a kan kalmar da ya kuskure, sannan in tambaye shi a ina ya gan shi. Wajen ba da amsa yakan ɗauki sigar da ya ji daga bakina. Bayan wani lokaci sai ya shiga wani sabon kuskure: ya fara liƙa ɗafin nan na gama-gari a kan kowane aikatau, har da tafi da ci, waɗanda a da ya fara faɗar su daidai. Maiɗakina ta damu, tana ganin ya koma baya. Ni kuwa na ga akasin haka, domin babu wanda ya taɓa faɗar waɗannan kalmomi a gabansa, shi ya ƙera su da kansa, wanda yake nuna cewa ya daina kwaikwayo ya fara aiki da ƙa'ida. Muka ci gaba da maimaita masa daidai, a hankali kuma ya ware waɗanda suke bin ƙa'ida da waɗanda ba sa bi.

Abin da ya kusa rushe zaman shi ne dariya. Ɗan ƙanena, wanda yake ƙaramar sakandare, ya taɓa kwaikwayon yadda wannan yaro ya furta wata kalma, kowa ya yi dariya, shi kuwa ya rufe bakinsa ya ƙi sake magana a zaman har tsawon kwanaki. Alamar irin wannan ba kuka ba ce. Yaro yakan fara cewa barci yake ji, ko ya faɗi jimla uku iri ɗaya kowane dare domin ya tsira. Na kafa doka cewa ni kaɗai nake gyara, kuma abu guda nake gyarawa a mako: idan makon na sigar abin da ya wuce ne, ko da yaro ya yi wani kuskure na daban, nakan bar shi ya wuce. Shi kuma ɗan ƙanen nawa na ba shi aikin yi wa kowa tambaya guda bayan ya gama labarinsa, wanda ya shagaltar da shi, domin gina tambaya a Turanci yana buƙatar kalmar taimako a farkon jimla da mayar da aikatau sigarsa ta asali, kuma shi ma a nan yake tuntuɓe.

Batun furuci shi ne inda iyawata ta tsaya. Hausa ba ta bambanta p da f, mu kuma a wannan yanki ko f ɗin ma sau da yawa h muke yi, muna cewa tahi da hwara. Haka kuma harshenmu ba ya son baƙaƙe biyu a jere a farkon kalma, shi ya sa muke saka wasali a tsakani, kamar yadda ake ji a burodi da firamare. Na koya musu cewa p leɓɓa biyu ne suke haɗuwa su buɗe da ƙarfi, f kuwa haƙoran sama ne suke taɓa leɓen ƙasa, muka riƙa gwadawa da madubin mahaifiyarsu. Sauran kuma na bar wa rediyo. Idan ana karanta labarai da Turanci nakan ƙara murya in ce kowa ya kamo kalma uku da ya gane, ba don su fahimci labarin duka ba, sai don kunnensu ya ji wani baki ban da nawa.

Harkar shinkafa takan fitar da ni zuwa Jega ko Kamba, wani lokaci in kwana, kuma a irin waɗannan darare maiɗakina ce take riƙe zaman. Da farko takan karanta umarnin ne daga kwalin bango, yara suna taya ta, daga baya ta daina dubawa. Ita ce ta fi kowa cin riba ba tare da an shirya hakan ba, domin yanzu tana karanta saƙon banki a wayarta da umarnin da yake jikin kwalbar magani ba tare da ta jira ni ba. A watan azumi tsarin yakan rikice saboda buɗa-baki da asham, sai muka mayar da shi lokacin da ake jera kayan shan ruwa kafin magariba, muka kuma ajiye labarin yini har bayan salla. Na lura cewa rage zaman zuwa minti biyar ya fi dakatar da shi, domin duk lokacin da aka dakatar gaba ɗaya, kamar lokacin wani biki da gidan ya cika da baƙi, sai an sha fama kafin yara su koma.

Akwai abin da wannan zama bai gyara ba, kuma ya kamata in faɗe shi. Magana ba ta koyar da rubutu, saboda Turanci ba a rubuta shi yadda ake furta shi, saɓanin Hausar boko. Babbar 'yata ta kai matsayin ba da labarin yininta ba tare da tsayawa ba, amma da na ce ta rubuta jimlolin nan uku, sai na ga ta rubuta kalmomi da yawa yadda kunnenta ya ji su. Saboda haka muka ware daren Alhamis, da yake babu karatun allo, kowa ya rubuta jimlolinsa uku a littafi mai shafi 40 bayan ya faɗe su, ni kuma in ja layi a ƙarƙashin kalma biyu kawai domin ya nemo su a ƙamus ko a littafin karatunsa na makaranta. Kalmomin kimiyya da lissafi ma ba sa fitowa daga kwano da tabarma, waɗannan aikin makaranta ne. Yanzu ita babbar tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma ita take rubuta kwalin mako ta rataye, na yanzu kuwa a kan abin da mutum zai yi gobe ne, domin auta ya fara cakuɗa shi da abin da ya riga ya wuce.